Darasi na Tara: Bashin da Miji da Mata Suka Ci Tare, Wa Zai Biya Bayan Rabuwa?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai koyo ya iya bambance wanda ya ci bashi da wanda ya tsaya wa mai bashi, ya san abin da banki yake da ikon yi wa kowannensu bayan aure ya mutu, kuma ya iya yin lissafin rabon bashin da kansa.

Gabatarwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A unguwar GRA ta Maiduguri akwai gidaje da yawa da miji da mata duka suke karɓar albashi ko suke kasuwanci. Irin waɗannan gidaje sukan haɗa ƙarfinsu su nemi rance guda, domin albashi biyu ya fi albashi ɗaya samun karɓuwa a banki. Buƙatar kuɗi kuwa ba ta yi ƙaranci ba a garin. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 ta cinye jarin 'yan kasuwa masu yawa, sannan ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta lalata gidaje da shaguna, har da wasu sassan GRA.

Wanda zai gyara gida ko ya ta da shago da kuɗin rance yakan ɗauki shekara biyu ko uku yana biya, aure kuwa yana iya mutuwa kafin nan. Abin da wannan darasi yake koyarwa guda ɗaya ne: saki yana warware aure, amma ba ya warware yarjejeniyar da aka ƙulla da banki. Saboda haka bayan rabuwa akwai lissafi biyu. Akwai lissafin da ke tsakaninku da banki, akwai kuma wanda ke tsakanin ku biyu. Wanda ya cuɗa su wuri ɗaya shi ne yake yin asara.

Da wane matsayi ka sa hannu?

Kafin a tambayi wa zai biya, sai an ɗauko takardar rancen an duba inda kowa ya sa hannu. Matsayi uku ne.

Na farko shi ne abokin cin bashi. Sunansa yana cikin takardar a matsayin wanda aka ba rancen. Takardun bankuna galibi suna ɗauke da sharaɗin cewa masu rancen suna da alhakin biya a tare, kuma kowannensu yana da alhakin biyan duka shi kaɗai. Ma'anar wannan ita ce banki ba ya bin mata rabi, miji rabi. Yana bin kowannensu kuɗin gaba ɗaya, kuma yana da zaɓin ya fuskanci wanda ya fi sauƙin kamawa. Ba zai karɓi kuɗinsa sau biyu ba, amma ba ruwansa da aljihun da suka fito.

Na biyu shi ne mai tsayawa, wato garanto, wanda malaman fiƙihu suke kira mai lamuni. Shi bai ci kuɗin ba, alkawari ya yi cewa zai biya idan mai bashin ya gaza. A mazhabar Malikiyya asalin hukunci shi ne ba a bin mai lamuni matuƙar mai bashin yana nan kuma yana da halin biya, sai idan an gindaya sharaɗin akasin haka. To, takardun lamuni na banki sukan gindaya wannan sharaɗin, su ba banki damar neman garanto kai tsaye da zarar an saɓa biya. Matar da ta tsaya wa mijinta tana nan a matsayin garanto bayan ya sake ta, har sai an gama biya ko banki ya sallame ta a rubuce.

Na uku shi ne shaida, ko wanda aka rubuta sunansa a gurbin ɗan'uwa mafi kusa. Wannan ba a bin sa ko kwabo. Haka nan miji ko matar da sam ba su sa hannu ba. Aure kaɗai ba ya ɗora wa mutum bashin abokin zamansa, ko a dokar Najeriya ko a shari'ar Musulunci, inda dukiyar mace tata ce, ta miji tasa ce, kowa da wuyansa. Idan ma'aikacin karɓar bashi ya matsa wa mace a kan rancen tsohon mijinta, abin da za ta ce shi ne: “Ku nuna mini inda na sa hannu.”

Abin da banki yake iya yi

Mutane da yawa suna zaton idan suka daina zuba kuɗi a asusun da ake cire bashin, suka koma wani banki, sun tsira. Wannan zamanin ya wuce. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda guda ɗaya take haɗa asusun mutum duka. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI. A ƙarƙashinsa mai neman rance yana sa hannu a kan izini tun farko, cewa idan ya gaza biya, bankin da ya ba shi rance zai iya ɗebo uwar kuɗin da ribar da ta taru daga asusunsa na wasu bankuna. Asusun haɗin gwiwa ma yana cikin waɗanda tsarin ya ambata. Kuɗin tarar jinkiri ne kawai ba a yarda a ɗebo ta wannan hanya ba.

Abu na biyu shi ne suna. Bankuna suna aika bayanin masu rance ga kamfanonin tattara tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, bisa dokar bayar da rahoton bashi ta 2017. Rancen da ya yi kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin wanda ya lalace, kuma tabon yana hawa kan sunan duk wanda ya ci rancen, har da wanda yake biyan kasonsa a kan lokaci. Mace tana iya zuwa neman rancen jari bayan shekara guda a ƙi ba ta, sai a lokacin ta gane abin da ya faru.

Abu na uku shi ne jingina. Idan an ba banki takardar mallakar gida, da amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, banki yana iya bin matakan doka ya sayar da gidan, ko da wanda yake zaune a ciki da 'ya'ya ba shi ne ya daina biya ba.

Misali da lissafi

Wannan misali ne na koyarwa, kuma alƙalumansa an zaɓe su ne domin sauƙin lissafi. Maigida ma'aikacin gwamnati ne, uwargida malamar jinya ce kuma tana da shagon atamfa. Suna zaune a GRA a gidan da takardarsa take da sunan maigida. Bayan ambaliya suka je bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, suka sa hannu su biyu a matsayin abokan cin bashi. Banki ya sayo musu kaya na naira 6,000,000, ya sayar musu a kan naira 7,920,000, za su biya cikin wata 36. Wannan ciniki shi ake kira murabaha. Kowane wata biyan ya kama naira 220,000.

Daga cikin kayan, na naira 4,200,000 kayan gini ne da suka shiga gidan, wato kashi 70 cikin ɗari. Na naira 1,800,000 kuma atamfofi ne na shagon uwargida, wato kashi 30. Suka shirya da baki cewa maigida zai riƙa zuba naira 140,000, uwargida naira 80,000. Bayan wata 12 aure ya mutu.

Mu fara da lissafin banki, domin shi ne mai sauƙi. An biya naira 2,640,000, saura naira 5,280,000. A idon banki, ana bin maigida naira 5,280,000, ana kuma bin uwargida wannan adadin. Shirin da suka yi da baki na 140,000 da 80,000 banki bai san da shi ba.

Yanzu lissafin da ke tsakaninsu. A zaman sulhu abin da aka fi saurin faɗa shi ne: “Tunda tare suka ci, a raba biyu.” Idan aka yi haka, kowa zai biya naira 2,640,000. Amma adalci a nan shi ne a bi sawun kuɗin a ga wa ya tafi da amfaninsu. Gidan yana hannun maigida, shagon yana hannun uwargida. Kashi 70 na naira 7,920,000 shi ne naira 5,544,000, wannan shi ne nauyin maigida. Kashi 30 kuma naira 2,376,000, nauyin uwargida ke nan.

Sai a cire abin da kowa ya riga ya biya. Maigida ya zuba naira 1,680,000 cikin wata 12, saura masa naira 3,864,000. Uwargida ta zuba naira 960,000, saura mata naira 1,416,000. Idan aka raba a kan wata 24 da suka rage, maigida zai riƙa biyan naira 161,000, uwargida naira 59,000. Haɗa su ka ga naira 220,000 ta cika. Da an raba biyu, da uwargida ta biya ƙarin naira 1,224,000 a kan gidan da ta bari.

To amma ga inda matsalar take. A ce maigida ya daina biya wata uku. Giɓin ya kai naira 483,000. Albashin uwargida yana shiga banki kowane ƙarshen wata, don haka nan aka fi sauƙin samun kuɗin. Ba za ta iya hana banki ba, domin ta sa hannu a kan duka. Abin da take da shi shi ne haƙƙin ta koma kan tsohon mijinta ta nemi abin da ta biya a madadinsa. Wannan haƙƙi doka da shari'a duka sun san da shi, amma ba ya amfani sai da hujja.

Hujja: rance ne ko kyauta?

A gaban alƙali, mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. Idan uwargida ta ce ta biya masa, maigida yana iya cewa: “Ai taimako ta yi wa gidanta, ban ce ta ranta mini ba.” Idan alƙali ya ɗauki kuɗin a matsayin kyauta, da wuya su dawo. Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take umurni da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ayar ba ta cire ma'aurata ba.

Hujjojin da suke aiki su ne takardar rancen, da bayanin shige da ficen asusu mai hatimin banki, da rasit na kayan da aka saya, da saƙonnin waya da suka ambaci rabon biya, da shaidun da suka ji lokacin da aka yi shirin. Wanda yake miƙa kasonsa hannu da hannu ba ya barin sawu. Gara a tura ta banki, a rubuta dalilin turawar.

Wannan ya fi zafi a inda rancen yake da sunan mutum ɗaya. Mace takan ci bashin albashi ko na ƙungiyar adashen ma'aikata da sunanta, ta miƙa wa miji ya sayi mota ko fili da sunansa. Mai ba da rancen ita kaɗai ya sani. Idan ba ta da rubutu ko shaidu, za a ci gaba da yankar albashinta a kan abin da ba ta mallaka ba. Haka yake faruwa ga namijin da ya ci bashi da sunansa ya zuba a kasuwancin matarsa.

Wace kotu?

Auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci, rabuwarsa da abin da ya biyo baya suna zuwa kotunan shari'a, kuma a kan al'amuran aure da saki ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Borno. Auren da aka yi rajistarsa bisa dokar aure, kamar yadda Kiristoci da yawa suke yi, Babbar Kotun Jiha ce take raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 72 na dokar ya ba kotu ikon tsara rabon dukiya yadda ta ga ya dace da adalci.

Ko wace kotu ce, a lura da iyakar hukuncinta. Idan alƙali ya ce maigida ne zai biya ragowar bashin, hukuncin yana ɗaure maigida ne ga uwargida. Bankin da ba ya cikin shari'ar yana nan da yarjejeniyarsa. Hukuncin makami ne da uwargida za ta karɓo kuɗinta da shi daga baya, amma bai cire sunanta daga takardar rance ba.

Sannan kada a cuɗa bashin da sauran haƙƙoƙi. Ciyar da 'ya'ya yana kan uba, kuma haƙƙin yaran ne, ba a cewa an cire shi daga kuɗin banki. Ragowar sadaki bashi ne na daban. Idan an yi hul'i, mace ta yafe wani kuɗi da take bin mijinta domin ya sake ta, wannan yafiyar tsakaninsu ce, ba ta rage wa banki komai ba.

Hanyoyin fita

Hanya mafi tsabta ita ce a biya bashin duka a rufe shi, ko da sai an sayar da mota ko fili. Kafin a yi haka a nemi banki ya rubuto adadin da zai karɓa idan aka biya kafin wa'adi. A murabaha farashin ya riga ya tsaya tun ranar ciniki, don haka rangwame sai abin da banki ya ga dama. Bayan biya a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin kowa komai, a karɓo takardun jingina.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da bashin kan mutum ɗaya, ko a raba shi gida biyu kowa da nasa. Wannan ba ya yiwuwa sai da yardar banki, kamar yadda a fiƙihu ba a mayar da bashi kan wani sai mai bin bashin ya amince. Banki zai sake auna ƙarfin wanda zai ɗauka. Idan albashin maigida ba zai ɗauki naira 161,000 a wata ba, yana iya ƙi, ko ya nemi sabon garanto, ko ya tsawaita wa'adi. Alamar cewa an gama ita ce sabuwar yarjejeniya da wasiƙar sallama mai ɗauke da sunan wanda aka cire. Maganar baka ta manaja ba sallama ba ce.

Idan banki ya ƙi, sai hanya ta uku: yarjejeniya a rubuce tsakanin su biyu, a gaban waliyyai da shaidu, kuma ya fi kyau a kai ta kotu ta zama hukuncin sulhu. A rubuta ragowar bashin, kason kowa, ranar biya, da abin da za a sayar idan ɗaya ya saɓa. A sa kowa ya ba bankinsa umurnin tura kasonsa kai tsaye ranar albashi. Wannan hanya ita ce mafi rauni, domin sunaye biyun suna nan a takarda, saboda haka tana buƙatar sa ido.

Abokan kasuwanci da suka raba jari su ma hukuncinsu ke nan. Wanda ya fita daga shago bai fita daga bashin da aka ci yana ciki ba, sai mai bin bashin ya sallame shi.

Yadda za ka gane abu ya fara lalacewa

Kada a jira wasiƙar banki, domin tana iya zuwa gidan da aka bari. Tun cikin idda, ko da zarar an fara maganar rabuwa, a rubuta wa banki a sanar da shi sabon adireshi da lambar waya, a nemi a riƙa turo saƙon kowane biya ga mutum biyun. A nemi bayanin asusun rancen kowane wata. Idan ragowar bashin ba ta sauka da cikakken adadin wata ba, wani bai biya ba. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, a yi amfani da ita. Idan akwai asusun haɗin gwiwa, a daina zuba albashi a ciki, a shirya rufe shi.

Idan banki ya cire kuɗi daga asusun wanda bai ci rance ba kuma bai tsaya wa kowa ba, a kai ƙorafi a rubuce ga bankin. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, a kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa, mata kuma suna iya zuwa ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, reshen Borno.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin abokin cin bashi da garanto da shaida?
2. A misalinmu, nawa banki yake bin uwargida bayan wata 12, kuma nawa ne kasonta na gaskiya?
3. Da a ce kayan gini da na shago rabi da rabi ne, nawa zai rage wa kowannensu?
4. Me ya sa hukuncin kotu tsakanin miji da mata ba ya cire suna daga takardar rance?
5. Wace takarda ce take tabbatar da cewa banki ya sallami mutum?

Aikin gida

Idan ka taɓa sa hannu a takardar rance ta abokin aure ko ta abokin kasuwanci, nemi kwafinta a wannan mako. Duba matsayin da ka sa hannu da shi, ka tambayi ma'aikacin banki kai tsaye: “Idan ɗayanmu ya daina biya, nawa za ku nema a wurina?” Rubuta amsar. Sannan ku zauna ku biyu ku rubuta inda kuɗin suka shiga da kason kowa, ku sa hannu tare da shaidu biyu. Ku yi wannan tun kuna zaman lafiya, domin a lokacin ne kowa yake faɗin lissafi daidai.